Barau Mai Ƙofar Ruwa da Jami'ar Asabar da Lahadi

Ban taɓa ganin mutum mai zargi irin Barau ba, kuma shekara ashirin muna katanga ɗaya a Talata Mafara. Ko goro ka ba shi sai ya juya shi ya duba bayansa. Mutumin Maradun ne. Yana saurayi ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonarsu, wani ɗan tsakani ya damƙa wa ubansa takardar diyya mai hatimi har biyu, da aka kai ta ofis aka ce ba a san ta ba. Daga baya ya sami aikin buɗe ƙofofin ruwa a wajen Bakura. Ko an ce masa ruwa ya kai gonakin ƙarshe, sai ya bi kwata da ƙafa ya gani. Manoma suna son aikinsa, hira da shi ce ba sa so.

Shekarar da ake sake gyaran kwatocin, 'yarsa Saude ta gama sakandare, makinta na JAMB bai kai ba. Sai ga wata cibiya a wata makarantar kuɗi, ana karatu Asabar da Lahadi, wai reshen wata jami'a ce, digirin kiwon lafiyar al'umma. Malami, amininsa tun Maradun, shi ya kawo masa fom da hannunsa. 'Yar Malami, Gimbiya, tana shekara ta biyu a can.

Barau ya sayar da shinkafar rani, amma ya ƙi kai kuɗin. Ya je wurin Sallau, mai kula da cibiyar. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, wa ya ba ku izni?"

Sallau ya nuna masa takarda a bango cikin gilashi.

"Wagga na gan ta. In ɗiyata ta ƙare, ana kiranta bautar ƙasa?"

"Muna kan shirin hakan, Baba. Amma Jumma'a muke ruhe karɓa."

Wannan Jumma'ar ce ta ƙara masa zargi. Ni kuwa haushi ya kama ni. Na ce masa yarinya tana kuka, tsararrakinta sun yi gaba, shi yana nan yana shinshine-shinshine.

Washegari ya ja ni shagon kwamfutar Nasidi, tsohon malamin makaranta. Nasidi ya buɗe shafin NUC, hukumar da ke kula da jami'o'i, ya duba jerin waɗanda aka amince da su. Sunan jami'ar yana nan. Na kalli Barau na ce to sai a bar mutane su huta.

"Jami'a munka gani," in ji shi. "Duba man karatun shi kanai."

Nasidi ya ce yana da gaskiya, amincewa da jami'a daban, amincewa da kowane kwas daban. Ya bi jerin kwasa-kwasan jami'ar sau biyu da yatsa a kan gilashin kwamfutar. Babu kiwon lafiyar al'umma. Ya ƙara da cewa wanda bai shiga ta hannun JAMB ba, ko ya gama, sunansa ba zai je bautar ƙasa ba.

Duk da haka Barau bai yarda da kwamfutar ba, kamar yadda bai yarda da Sallau ba. Ya hau mota, kwana biyu bai dawo ba, sai da ya je ofishin magatakardar jami'ar. Suka ce ba su da wannan kwas, ba su da reshe a Zamfara, ba su san wani Sallau ba. Ya sa aka rubuta masa. Kunya ta ishe ni, har yau ban ba shi haƙuri ba.

Na zaci zai yi ta cika baki. Sai na gan shi jiki a sanyaye. Ya ce Saude ta sake rubuta JAMB baɗi, shekara guda ce. Malami ne damuwarsa. Da la'asar muka sami Malami a zaurensa yana gyaran buhuna. Barau ya zauna, ya yi ta kewaye-kewaye kan ruwa da farashin taki, abin da ban taɓa jin ya yi ba, sannan ya miƙa takardar.

Malami bai karɓa ba. Ya ci gaba da jan zarensa.

"Tun bara raina bai kwanta da su ba," ya ce. "Sau ukku ina zuwa ƙohwar shagon Nasidi ina komowa."

"To mi ya sa ka kawo man fom?"

"Na san kai sai ka duba."

Daga cikin gida muna jin Gimbiya tana bitar karatu da ƙarfi, Asabar suna da jarabawa. Malami ya ajiye allurar, ya ce, "Barau, don Allah tashi mu shiga tare. Ni ɗai ban iya gaya mata."