Abincin da ke cikin iri

Har yanzu ban manta da ranar nan ba. Ban daɗe da gama sakandare ba aka ɗauke ni koyarwa a wata ƙaramar firamare a Gidan Dare, aka ba ni aji uku. Shugabar makarantar, dattijuwa ce, ta gargaɗe ni tun farko: "Ɗiyata, kar ki tambaye su ko sun gane, i za su ce miki. Tsaya bakin ƙofa, kowa ya amsa tambaya ɗaya kafin ya fita. Kuma ban da wadda amsarta ke kan allo."

Kwana biyu muka yi kan iri. Ranar farko na jiƙa wake, muka ɓare, na nuna musu ɗan tsiron da ke kwance a tsakiya, na ce kowane iri akwai abinci a cikinsa. Washegari, da aka kusa tashi, na tsaya a ƙofa. Na so in sallame su haka nan, don na gaji, amma ina hango ofishin shugaba a buɗe.

Tambayata ita ce, abincin da ke cikin iri, wa aka ajiye wa? Wasu suka ce ɗan tsiro, har ya yi ganye ya fara haɗa nasa. Wani ya ce kaji, aka yi dariya. Sai wata yarinya mai ƙoƙari ta ce, "Mu, Malama. Ke kic ce kowane na da abinci." Ta zaro 'ya'yan bini-da-zugu baƙaƙe daga aljihu, ta ce a shingen hanya ta tsinto. Na san su sarai. A unguwarmu sun taɓa kwantar da yara asibiti da amai da zawo.

"Kin ci?"

"A'a, sai na kai gida. Na dai ba ƙanena rabi sadda muka fita hutun tara."

Ban san sadda na bar takalmina ba. Na isa aji ɗaya, ajin ƙanen nata, ina salati, na tarar da shi yana neman jakarsa. Na durƙusa, na buɗe bakinsa, na shiga lalube shi. Ya fashe da kuka: "Wallahi ba sata niy yi ba!" Suna nan cikin aljihun wandonsa, ko ɗaya bai fasa ba. Wai ƙosai ya ƙosar da shi, ya bar su sai anjima. Yayar ta duba, ta ce sun cika.

Na zauna a ƙasa. Shugaba ta zo ta ji komai, ta aika a gaya wa mahaifiyarsu, ta ce in mai da 'yan ajina ciki. Na sake bayani: abincin na ɗan tsiro ne, wani irin muna ci, wani kuwa guba ne. Na sake tsayawa a ƙofa, kowa ya faɗa mini da bakinsa. Da na sa suka zazzage aljihu, sai aka samu 'ya'yan bini-da-zugun a wurin wasu yara biyu.