Hoton da Yaya Ɗari Ba Ta Duba Ba

Shekara ashirin da biyu ta yi tana gyaran hoto a ɗan shagon da ke tsakanin mai walda da mai kemis, kuma unguwar duka Yaya Ɗari take kiranta. Sunan daga bakinta ya fito. Duk hoton da aka gyara, komai kyansa, sai ta tura tabarau kan hanci ta ce, “Kai shi ɗari bisa ɗari.” Nufinta a buɗe shi yadda kowane ɗigo na hoton zai hau ɗigo ɗaya na allon kwamfuta, don idan an ƙanƙance hoto ya cika allo, duk ɓarnarsa ɓuya take yi. A ɗari ne ake kama fatar da ta koma kamar roba, da haƙoran da suka narke suka zama guda.

Ba ta kwatanta tsohon hoto da gyararre sai girmansu ya zo ɗaya, haskensu ɗaya, a wuri ɗaya. Sai ta riƙa juya su, wannan, wancan, wannan. Ido makwaɗaici ne, in ji ta, duk wanda ya fi haske shi zai zaɓa. Angwaye sun sha tsaki a bencinta, ba ta taɓa fasawa ba.

Ƙaninta, Auta, a hannunta ya koyi sana'ar, shi kuma ya kawo manhajar nan mai ƙara wa hoto girma da kaifi. Da aka buɗe akwatin marigayi babansu aka sami hotonsa guda ɗaya tak, ɗan ƙarami, damshi ya manne shi da gilashin firam. Hannunta ya kasa taɓa shi, sai Auta ya ce ta bar masa.

Bayan kwana biyu ya turo mata a waya: tsohon a hagu, ƙarami, dishi-dishi, sabon a dama, fes. Ta fashe da kuka a gaban kwastoma. Ita da ke wahalar da mutane kan hoton fasfo, ranar ba ta nemi ɗari ba. Aka wanke manya aka raba wa dangi, ta rataye nata a saman teburin aiki.

Bayan wata bakwai Gwaggo, ƙanwar babansu, ta leƙo shagon. Ta daɗe tana kallon bango, sannan ta ce, “Kyakkyawa ne kam. Amma ina tabon girarsa?”

Yaya Ɗari ta juya kan kwamfutarta. Ta buɗe sabon a ɗari. Gira sumul. Idanu masu ƙyalli, gashin ido jere kamar an taje. Ta yanko tsohon daga abin da aka turo mata, ta ja shi zuwa girman sabon ba tare da wani gyara ba, ta daidaita haskensu, ta fara juyawa. Da haske ya zo ɗaya, tsohon bai lalace yadda ta zata ba. Ga ɗigo biyar ko shida masu haske sun ratsa girar hagu, inda ƙarfe ya taɓa yankarsa. Idon nan ɗan kanne yake, a sabon kuwa an buɗe shi. Inda manhajar ba ta gani ba, ƙirƙira ta yi.

Ta kira Auta, ta juya masa allon. “Duhun nan na tsohon, kai ka ƙara?”

Ya sosa ƙeya. “Ɗan kaɗan ne, Yaya. Haka kowa ke yi, don aiki ya fito.”

“Kowa? Ni ce kowa? Ka duba shi a ɗari?”

“Na duba.”

“Ka ga babu tabon?”

“Na gani. Na ga kin yi murna, shi ya sa na yi shiru.”

Wannan ya fi komai ci mata rai. Da kuskure ne da ta yi faɗa ta huce. Amma ya gani, kuma ya san yadda ake yaudarar ido ne saboda ita ta koya masa yadda ake kauce wa yaudarar.

Ta ce ya ba ta asalin sikan ɗin, wato kwafin farko da ya ɗauka a kwamfuta kafin gyara. Ya ce ya adana sabon a kansa, na farkon ya goge. Takardar hoton fa? Ya sunkuyar da kai. Bayan sikan ya gwada ɓamɓare ta daga gilashin, fuskar ta biyo gilashin ta ruɓe, ya zubar.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta hau kujera ta sauke hoton, ta kife shi a kan tebur. Gwaggo ta dafa ta ta ce, “Ki yi haƙuri, ai kamanninsa na nan a zuciyarki.”

Yaya Ɗari ta rufe ido ta kira babanta. Mutumin da ya zo mata yana da gira sumul da idanu masu ƙyalli, wanda ta yi wata bakwai tana gaisarwa kowace safiya. Ta buɗe ido, ta sake rufewa. Shi ne dai ya sake zuwa.