Mai Jan Kai

Rikicin tsufa ya fara kama Baba ne a shekarar da ya daina zuwa gonarsa ta hanyar Bakori. Da farko sunayen jikoki yake haɗawa, muna dariya. Daga baya dariyar ta ƙare, ranar da Inna ta ajiye masa tuwon masara ya dube ta ya ce, "Baiwar Allah, ina matar gidan?" Baba kuwa tun muna yara ba ya cin abinci sai daga hannun matarsa. In ya gane ta ya ci, in bai gane ta ba ya ture kwano. Cikin ɗan lokaci riga ta fara yi masa yawa.

Inna ce ta yanke wa kanta hukunci cewa furfura ce matsalar. Ta ce matar da yake nema ba ta da farin kai. Na ce mata ciwon ba a kanta yake ba, ta ce in na zama likita in sanar da ita. Ta aika kasuwa aka sayo mata rinin gashi na kwali, wanda ya fi kowanne baƙi, wata maƙwabciya ta shafa mata. Ba ta shawarce ni ba, don ta san bakina.

Da na zo gidan na same ta a tsakar gida ba ɗankwali. Inna wankan tarwaɗa ce mai haske, idanunta ruwan zuma. Gashin nan ya yi baƙi ƙirin har yana ɗaukar shuɗi a rana, kamar an shafa mata gindin tukunya. Duk wani tamoji da ban taɓa lura da shi ba ya fito fili, ƙasan idonta ya zurma, fuskar ta yi fayau kamar mai jinya. Idanun da suka fi komai kyau a fuskarta suka dushe. Ta tambaye ni, "Ya yi?" Na ce ya yi. Me zan ce?

Baba bai iya ƙarya ba. Da ta shiga da kunu ya ja baya har ya jingina da bango, ya ce a fitar masa da wannan matar mai kallon mutane da fushi. Inna ta fito da kofin a hannu, ta zauna a kan turmi, ba ta yi kuka ba. Ni ce na yi, kuma haushi ne ya fi yawa a cikin kukan, na rasa wanda zan ji haushinsa.

Ina da ƙawa mai shagon gyaran gashi a cikin Funtua. Iyayenta 'yan kudu ne, amma a nan aka haife ta, Hausarta ta fi tawa karin magana. Na ja Inna a Keke Napep muka je, tana ta mita wai an maida ta budurwa. Ƙawata ta ƙi duba ta a ƙarƙashin ƙwan lantarki, ta kai ta bakin taga inda hasken rana ke shigowa. Ta kara mata farin mayafi fat a haɓa, fuskar ta yi toka-toka. Ta canza da mai ruwan madara, sai ga jini ya dawo fuskar. Ta gwada ɗan kunnen azurfa a kunne ɗaya, na ruwan gwal a ɗayan, ko ni na ga gwal ɗin ne ya zauna.

"Mama, fatarki mai ɗumi ce," in ji ta. "Haske daban, abin da ke ƙarƙashinsa daban. Naki rawaya-rawaya ne da ɗan ja. Baƙi mai shuɗi na masu fata mai sanyi ne da ido baƙi wuluk, su yana fito da su. Ke kuwa faɗa yake yi da fuskarki."

"Gashin mutum ai baƙi ne," Inna ta ce.

"Haka muke cewa dai. Dubi girarki a madubi."

Inna ta duba. 'Yan gashin girar da furfura ba ta ci ba ruwan ƙasa ne mai duhu, da ɗan ja a ciki. Sai ta ce tana yarinya a ƙauyensu "jan kai" ake tsokanarta da shi, har ta riƙa labta man shanu da ɗaure kai tamau don kada a gani. Ta tsani sunan har ta manta da shi. Ni 'yarta ban taɓa ji ba sai ran nan.

Na ce to a shafa mata ruwan ƙasar yanzu mu tafi. Ƙawata ta girgiza kai. Rini ba ya haska rini, in ji ta. Ko kwali goma na ruwan ƙasa aka zuba a kan baƙin nan, baƙi zai zauna. Lalle ma haka. Sai dai a cire shi da maganin kore launi, gashin Inna kuwa ya yi laushin da ba zai ɗauka ba, karyewa zai yi. Abin da ya rage shi ne a jira sabo ya tsiro, a riƙa datse tsohon. Na tambayi tsawon lokacin, ta nuna mini faɗin yatsa ɗaya ta ce, "Wannan a wata." Na tuna wuyan Baba yadda ya rame, na ji kamar in kama gashin in ja shi ya fito.

Damina ta wuce a haka. Inna ta koma ɗaure kai har gira, amma bai hana Baba tsarguwa da ita ba, kamar tsoron ya riga ya zauna masa. Ni nake zuwa daga gidana in lallaɓa shi ya sha kunu cokali biyu uku, wani lokacin ya ɗauka ni ƙanwarsa ce da ta rasu. Inna tana daga bakin ƙofa tana leƙe. Furfura ta tsiro fara tas a ƙarƙashin baƙin, layi ya raba su kamar iyakar gona, abin ya fi na da muni. Matar da ko almakashi ba ta yarda ya kusanci kanta ba, ita ce ta riƙa miƙa wa ƙawata kai tana cewa a ƙara yankewa.

Bayan an cire masara baƙin ya ƙare. Ƙawata ta zo har gida. Ta ce lalle zalla a kan furfura ruwan goro zai bayar, irin na gemun tsofaffi, shi ma ihu zai yi a fuskar. Ta kwaɓa lalle, ta haɗa da garin ganyen baba na rini, ta fara gwadawa a gashin da muka tsinto daga mataji har launin ya yi mata, sannan ta shafa. Ta bar shi bai kai duhun na ƙuruciya ba, wai fuska in ta manyanta sassauci take so. Da aka wanke ya bushe, gajere ne, ruwan ƙasa mai ɗan ja. Idanun Inna suka dawo. Wallahi uwata na gani, wadda nake tunawa tana tankaɗe a tsakar gidan nan.

Bayan kwana biyu, da launin ya zauna, ta ɗauki tuwo ta shiga, ta zame ɗankwalin baya. Ina tsaye a bayan labule. Baba ya daɗe yana kallonta, bai ja baya ba. Ya karɓi kwanon, ya wanke hannu, ya kai loma, ya ƙara. Na danne bakina don kada in yi guɗa.

Sai ya ce, "Baiwar Allah, kin yi kama da wata mai jan kai da nake aure. Ta fita tun ɗazu. In kin gan ta ki ce ina jiranta."

Inna ta gyara masa kwanon miya, ta ce, "To Malam, zan gaya mata. Ci kada ya huce."