Gaisuwar da na koya wa Auta

Auta tana da shekara uku lokacin da Gwaggo, yayar Baba, ta zo gidanmu a Ƙofar Gayan bayan la'asar. Auta ta ruga, ta tsaya ƙiƙam da takalminta a kan tabarma, ta ce, "Ina kwana."

Gwaggo ta dubi rana, ta dubi takalmin, sannan ta dubi Mama. "Malama, kin koyar da 'ya'yan mutane a makaranta, naki kuma wa kika bar wa?"

Mama ta ce ai yarinya ce. Wannan 'yar amsa Gwaggo ta riƙe. Ta daina amsa gaisuwar Mama, ta kuma yi ta yawo da maganar cikin dangi. Na sha ganin Mama ta durƙusa, Gwaggo tana ta gyaran mayafi.

Ina aji biyar, ko a aji ba na iya ɗaga hannu. Amma na ƙudura sai bakin nan ya amsa wa Mama a gaban mutane.

Na haɗa wa Auta 'yar waƙa, muna yi da tafi:

Takalmi waje, gwiwa ƙasa,
Murya ta fito, ido ƙasa.
Da safe, ina kwana, Baba,
Da yamma, ina wuni, Baba.

Kullum da safe sai ta gaida Baba kafin ta sha koko, da yamma ta gaida duk wanda ya shigo, har mai kawo ruwa. In ta yi daidai Mama ta ce, "Allah ya yi miki albarka." Sauran darasin kuwa a bayan ɗaki muke yi. In kifa turmi in hau, in yafa zanen Mama, in turɓune fuska kamar Gwaggo. Na koya mata kada ta tashi sai an amsa, da wata jimla guda da ban gaya wa kowa ba.

Ranar wani suna a Kwarbai, tsakar gida cike da mata, na tura ta. Ta cire takalmi, ta durƙusa.

"Ina wuni, Gwaggo."

"Lafiya lau. Au, an koya?"

"Mama tana gaishe ki."

Mama tana tsaye da tiren shinkafa. Gwaggo ta kai hannu ga mayafi. Auta ba ta motsa ba. Saƙon gaisuwa a bakin yaro, ko mai gaba ba ya maida shi.

Wata tsohuwa ta ce, "Hajiya, amsa mana, gwiwar yarinya za ta huda tabarma."

Gwaggo ta motsa leɓe can ciki-ciki.

Auta, idonta a ƙasa, ta ce, "Gwaggo, murya ta fito."

Mata suka kwashe da dariya. "Ina amsawa," in ji Gwaggo, har na bakin ƙofa suka ji.

Ina bayan randa, ina kallon ɗan kunnen Gwaggo yana rawa. Naman da aka sa mini a shinkafa ranar, Auta na ba.