Farin Ɗakin Yayata

Har yau idan na ga kwanon siminti a kan rufi, sai in tuna da yayata.

Ana saura 'yan shekaru Turawa su tafi, wani kamfanin sayen gyaɗa ya sake rufin tsohon sitonsa a hanyar Safana. Tsofaffin kwanukan, masu kauri da launin toka, aka zubar a bayan sito, kowa ya ɗiba. Babanmu ya yo lodin jaki zuwa Wagini. Masu lafiyar ya rufe zaure da su, fasassun ya jibge a gindin rumbu, duk gansakuka da kashin jemage.

Yayata, wadda nake bi, mace ce mai son a yaba ɗakinta. Farar ƙasa tana da nisan ɗebowa, ita kuwa ta lura gefen kwanon da ya karye fari ne tas. Sai ta kankare dattin, ta zuba gutsattsarin a turmin da muke surfe, ta hau daka a bushe. Garin ya yi mata fari a gira da hanci, wasu zarurruka kamar gashin masara suna maƙale a rariya. Ba wari, ba yaji, ko tari bai sa ta ba.

Na ce, "Yaya, a turmin abinci? Wannan ƙazanta har ina?"

Ta ce, "Ke dai jeki. In kin ga ɗakin kya zo roƙo."

Ɗakin ya yi kyau, ban musa ba. Matan unguwa suka riƙa kawo nasu tana daka musu kowace Sallah. Shafen kuma ba ya kama bango, kullum zuba yake, kullum tana shara ƙofa a rufe. Ni ƙyama ce kawai ta hana ni, ba wayo ba.

Sai da ta aurar da 'ya'ya sannan numfashi ya fara gagararta. Likita a Katsina ya duba hoton ƙirjinta, ya tambaya ko ta taɓa aikin asbesto, wato wannan kwano. Ya ce muddin yana lafiyarsa a kan rufi, da sauƙi. Amma in aka fasa, ko aka yanka, ko aka share ƙurarsa, zaren yana shiga huhu, kuma ba ya fita. In za a sauke, a jiƙa shi sharkaf, a rufe hanci da abin da aka yi don haka, a cire shi ɗungurungum, a naɗe, a binne nesa da gida. Ita kuwa tankaɗe shi ta yi.

A daminarta ta ƙarshe ko Fatiha ba ta iya kaiwa ƙarshe sai ta huta. Wata rana da hantsi ta kama hannuna, ta ce in taimaka in buɗe mata ƙofa iska ta shigo. Ƙofar a buɗe take, har labulen na riga na ɗage.