Bijimi Mai Nauyin Littafi Ɗaya

Ina da shekara talatin da ɗaya na fara riƙe bik, wato biro, da sunan karatu, a lakwal, makarantar boko ta manya, ina da arba'in da huɗu na shiga makarantar koyon aikin kiwo a Paraku. Ubana mahauci ne, kakana farke, ni kuwa na yi shekara goma sha biyar ina soya nama a bakin titin Banikanni. Saboda haka ranar da na faɗi jarrabawar sanin jikin shanu, kunya ce ta fi ci na, ba baƙin ciki ba.

Abin da ya kayar da ni haƙori ne. A tambaya ta biyu na rubuta cewa saniya tana fitar da manyan haƙoranta biyu na farko tana da wata goma sha takwas. A tambaya ta biyar, hannun nan dai nawa ya rubuta shekara biyu da rabi. Duka biyun na haddace su, kowane daga littafinsa. Malaminmu ya zagaye su da jan bik, ya haɗa su da kibiya, ya rubuta a gefe: "Décidez-vous, Madame." Wato in tsai da magana ɗaya. Yaran ajin "Mushe" suke ce masa, yadda ake kiran malaman lakwal. Ni 'yar mahauci bakina bai iya kiran mai rai da wannan suna ba, Malam nake ce masa.

Dokar makarantar sau biyu ake zama wa darasi. In na sake faɗuwa babu takardar shaida, sai in koma gaban kaskona.

Littattafai uku ne a hannunmu, duka fotokopi. Akwai wani mai kauri da aka buga a Faransa. Akwai wani tsoho, shi ma da Faransanci, a kan kiwo a ƙasashe masu zafi, wanda aka yi ta kwafar kwafinsa har rubutun ya kumbura. Na uku da Ingilishi yake, wani ya kawo daga Najeriya. Ga kuma diyafo ɗin Malam, shafukan da yake haska mana a bango, yana turo mana su ta waya bayan darasi. Bakuna huɗu ke nan, kowane yana magana kamar shi kaɗai ya taɓa ganin saniya.

Na ɗauri niyyar mai da su baki ɗaya. Na sayi kaye, wato littafin rubutu, mai shafi ɗari biyu da bik kala huɗu. Abokiyar aikina wata yarinyar ajinmu ce da ita ma za ta sake zama, 'yar Kpebiye, sa'ar ɗiyata ta fari, tana ɗan jin Ingilishi, tana kira na Tanti. Kullum bayan azahar muna zaune a zauren gidanmu. Diyafo muka mai da ƙashin baya, tunda mai shi ne zai yi tambaya: kowane kan magana nasa ya samu shafinsa, sannan mu bi littattafan ɗaya bayan ɗaya mu zuba abin da kowane ya ce a ƙarƙashi, kowa da kalarsa, da lambar shafi. Inda suka yarda da juna, layi ɗaya ya isa. Inda suka saɓa, in yi zobe da fensir.

Sati na farko zobba sun fi rubutu yawa.

Wasu zobban da dariya suka mutu. Littafin Najeriya ya ce zafin jikin saniya mai lafiya ɗari da ɗaya da rabi ne. Na ce wa yarinyar wannan saniya ba lafiya gare ta ba, ta dahu, a kawo yaji. Sai da muka lura da ƙaramin F a gefen lambar, ashe ma'aunin zafin nasu daban ne. Muka cire talatin da biyu, muka ninka da biyar, muka raba da tara, ga talatin da takwas da ɗigo shida, kusan abin da sauran suka ce. Daga ranar na kafa doka: ma'auni ɗaya a kayena, na Malam, sauran a juya su kafin su shigo.

Amma wanda ya kusa kashe mu shi ne bijimin. A littafin Ingilishin an rubuta nauyin wani babban bijimi 1,200 lb. Mu da muka yi lakwal ɗin Faransanci, waƙafi a tsakiyar lamba yana nufin ɗaya da 'yan kai. Na karanta ɗaya da ɗigo biyu. Na tambayi yarinyar mene ne lb, ta duba waya ta ce livre. To livre ai littafi ne. Na ajiye bik, na ɗauki littafin Faransa mai kaurin nan a tafin hannu, na auna shi, na ce mata ashe bijimin Najeriya wannan ne da 'yan shafuka. Ta kwanta a tabarma tana riƙe ciki. Na ce gobe zan saka biyu a jaka in kai kasuwar shanu ta Turu. Maƙwabciyata ta leƙo ta ga mace mai jika tana hawaye da littafi a ka, tana kukan sa. Da muka dawo hayyacinmu muka gane waƙafin masu Ingilishi na raba dubbai ne, livre ɗin kuma na awo ne, bai kai rabin kilo ba. Bijimi ya tashi kilo ɗari biyar da arba'in da 'yan kai. Har yau in na ga ƙaton sa, sai in ji bakina yana motsi.

Wasu zobban kuma suna ne kawai ya bambanta. Tumbin nan mai saƙa kamar gidan zuma, wani littafi ya ce réseau, wani ya ce bonnet, na Ingilishi da nasa. Ni kuwa na wanke shi ya fi sau dubu. Na zaɓi sunan da ke diyafo, na jera sauran sau ɗaya a shafin ƙarshe, ban sake barin su sun shigo ba.

A sati na huɗu zobe ɗaya ya rage, kuma shi ne wanda ya kayar da ni. Littafin Faransa da diyafo sun ce wajen wata goma sha takwas. Na Najeriya ya ce shekara biyu zuwa biyu da rabi. Tsohon ya ce wajen shekara uku. Ba ma'auni ba ne, ba suna ba ne. Yarinyar ta ce mu bi Malam mu huta, shi ke da jan bik. Na ce ban bar kaskona don in rubuta abin da ban yarda da shi ba.

Ana cikin haka aka yi haihuwa a gidanmu na Jugu, na tafi suna da kaye a jaka, ƙarƙashin turmin zane. Kawuna, ƙanen mahaifiyata, ya bar fataucin goro tun da daɗewa, yana da ɗan garke a bayan gari. Bayan an ci tuwon suna na same shi a ƙofar gida, na durƙusa na karanta masa lambobin uku. Ya ce Nasaru uku sun taru sun kasa buɗe bakin saniya ɗaya. Ya sa takalmi ya ce in biyo shi.

Da kwalliyar suna na shiga garke. Ya kama wani ɗan bijimi ta hanci, ya ja leɓen ƙasa. Haƙoran nono na tsakiya sun faɗi, manyan biyu sun huda dasashi, ko rabi ba su fito ba. Ya ce wannan an haife shi Layya biyu da suka wuce, da wata huɗu a kai. Ya kama wata karsana, nata biyun sun fito sun tsaya daidai, faffaɗa kamar shebur. Ita saura kaɗan ta cika uku.

"Wanne kike tambaya, ɗiyata? Ranar da ya leƙo, ko ranar da ya zauna?"

Nan na tsaya, kashin shanu har kan takalmin bikina, na buɗe kaye. Na kira yarinyar a waya na ce ta duba saman jadawalin tsohon littafi, inda tawada ta cushe. Ta yi ta dubawa, sannan ta ce akwai 'yan kalmomi: lokacin da haƙori ya kai tsayinsa. Na Najeriya kuwa fitowa ya ce. Na tambayi Kawu wata goma sha takwas fa. Ya ce bai taɓa gani a shanunmu ba, sai dai ko na Turai masu cin abinci kamar 'ya'yan gwamna. Na ce wa yarinyar ta duba babin da jadawalin littafin Faransa yake. Shanun madara na can ne, masu saurin girma.

Na yi guɗa a tsakiyar garke, shanu suka watse. Kawu ya ce in dai wannan ne boko, gara da aka bar ni na tsufa tukuna.

A motar komowa Paraku na rubuta shafin a kan gwiwata, layi uku a karkace: wace saniya, wane lokaci na haƙorin, wane littafi da shafinsa. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu. Kowa amsar wata tambaya yake bayarwa. Na koma kan kayen tun daga farko, duk lambar da na samu tsirara na saka mata wannan sutura.

Saura diyafo, wanda ya ce wata goma sha takwas bai faɗi saniyar ba. Ranar Litinin na tare Malam a bakin aji, na miƙa masa shafin.

"Malam, saniyar da ke bangonka 'yar ina ce? Don ta Borgu ba ta yi famfara da wuri haka ba."

Yarinyar ta ɓuya a bayana. Ya karanta, ya cire tabarau, ya sake karantawa. Ya ce daga littafin Faransa ya ɗauko, ya kamata ya rubuta hakan a kai. Ya tambaya ko zai iya yin fotokopin kayen gaba ɗaya. Na ce bayan jarrabawa. Ya yi dariya, ya ce ya ga alama. A darasi na gaba shafin diyafonsa ya fito a bango da layi biyu, na shanun Turai da na namu.

Ranar jarrabawa tambaya ta uku ta ce: an kawo bijimi kasuwa, manyan haƙoransa biyu sun fara fitowa, ƙiyasta shekarunsa. Ba a faɗi irinsa ba, kuma na san da gangan ne. Dariya ta taso mini har sai da na ciji bik. Na rubuta cewa in irin namu ne, shekara biyu zuwa biyu da rabi, in na Turai ne mai saurin girma, daga wajen wata goma sha takwas, kuma wannan lissafin fitowa ne, ba na daidaituwa ba.

Da aka manna sakamako na sa yarinyar ta duba mini, don idona ya ƙi tsayawa a layi ɗaya. Mun ci, mu biyu. Da aka raba takardu na ga jan bik a gefen tambaya ta uku, kalma ɗaya: "Enfin." Wato a ƙarshe dai. Na hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa Banikanni ina ta yi wa mai tuƙin bayanin haƙoran shanu, har ya wuce ƙofar gidanmu bai sani ba, ni ma ban tsai da shi ba sai da na kai ƙarshen maganata.