Mutumin da Ya Juya Baya

Shekarar da aka sace bijimin wani abokina na Roni, wayata ba ta huta ba. Tare muka yi makaranta a Kazaure, kuma tun a can in ya kafe a kan abu sai Allah.

Hoto ya turo mini. Wani mutum ne a kasuwar shanu, ya juya baya, malfa a ka, riƙe da igiyar farin sa. A ƙasa ya rubuta: "Kai da kake cin kasuwar Babura, wane ne wannan?"

Na buɗa hoton da yatsu biyu har ya dagule. Gefen kunne kawai ake gani. Babu rubutu, babu allon shago, babu lambar mota. A samansa akwai alamar cewa ya bi hannu da yawa kafin ya iso, wato shi ma abokin nawa bai san wanda ya ɗauka ba, balle yaushe. Ko kasuwar ma ba ta nuna ta Babura ce ba. Na amsa masa ban sani ba.

Washegari ya sake tambaya, kashegarinta ma haka. Sai ya aiko da murya: "Haba mutumina, duba rigar nan da kyau mana. Ba ka da maƙwabci mai irinta?"

Maƙwabcina makiyayi ne da ya zauna yana noma, kuma lallai yana da shuɗiyar shadda mai wannan aiki a kafaɗa. Ashe abokina ba tambaya yake yi ba, ya riga ya ajiye suna a ransa. So yake ya fito daga bakina, ya kai wa 'yan banga a ce maƙwabcin mutum ne da kansa ya shaida. Na kuma san yadda ake dawo da wanda aka tafi da shi a kan zargin shanu. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Rigar ce ta tsaya mini. Na yi ta jan tsoffin hotuna har na kai bikin wani ɗan ajinmu a Gwiwa, inda maza suka yi anko. Maƙwabcina ma ya yanki yadin, tela ɗaya ya ɗinka wa kowa.

Na rubuta: "Babu fuska, babu suna, babu rana. Ba zan raɗa wa bayan mutum suna ba. In riga ce shaida, ga wani mai irinta." Na haɗa da hoton shi abokin nawa a bikin, yana washe baki cikin shuɗiyar shaddar.

Ya karanta. Har yau gaisuwarmu ba ta wuce ta kan hanya.

Washegarin ranar da safe maƙwabcina ya aiko mana da kindirmo, ya kora shanunsa ya wuce ta ƙofar gidana yana mini barka da asuba. Bai san komai ba. Ni kuwa da ya juya baya, sai na tsinci kaina ina ƙare wa kunnensa kallo.